Wasan dame a inuwar dogon yaro: gajeren labari da muhawarar da ta biyo baya

Abdul-Mumin, Aboabo:

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan gajeren labari ne a kan wasan dame, ina kuma roƙon waɗanda suka san wasan su duba mini ko abin da na sa ya faru a kan allo zai iya faruwa da gaske, domin ba na son in ba da labarin da masu wasa za su karanta su ce marubucin bai taɓa zama a gaban allo ba. Ga shi.

Bayan sallar la'asar, lokacin da zafin Kumasi ya fara sauka, Baba Tanko yakan fito da allonsa ya zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa a Aboabo, ba ya kuwa aika kowa ya kira Malam Haruna, domin shekara da shekaru ƙafar Malam Haruna ta san lokacin. Sukan zauna suna fuskantar juna, allon yana kan gwiwoyinsu, 'ya'yan Baba Tanko masu kusurwa huɗu, na Malam Haruna kewayayyu, duk sun yi santsi saboda taɓawar hannu.

Tun suna samari suke tare. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba da umarnin baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa, mahaifin Tanko ya kwashe iyalinsa suka hau motar goro suka nufi Kano, ya bar mabuɗin ɗakinsa a hannun Haruna, wanda a lokacin yaron tela ne. Da Tanko ya dawo bayan shekaru masu yawa, ya tarar da ɗakin a share, har allon damen yana jingine a bayan ƙofa. Ba su taɓa yin maganar ba.

A bana idon Malam Haruna ya yi yana. Sai ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa allo kafin ya ga inda 'ya'ya suke, kuma tun bayan babbar salla bai ci wasa ko ɗaya ba. Ranar nan ita ce ta ƙarshe, domin da asuba 'yarsa za ta tafi da shi Tamale ya zauna a wurinta.

Wasan ya yi nisa. Baba Tanko yana da 'ya'ya huɗu, ɗaya daga cikinsu ya bi gefen allo ya kusa isa gidan sarauta, wato layin ƙarshe inda ɗa yake zama sarki, babu mai tare shi. Malam Haruna yana da uku kacal. Samarin da ke tsaye a kansu sun fara raɗa, wani ma har ya jawo kujera kusa don ya karɓi wurin wanda za a cinye. Malam Haruna ya daɗe yana shafa gefen allo da ɗan yatsa, sa'an nan ya ɗauki ɗansa na baya, wanda kowa yake ganin shi ne mai gadin gida, ya jingina shi a bayan ɗan'uwansa a kan babbar hanya. Bai buga shi da ƙarfi yadda 'yan dame suke yi ba, ajiye shi kawai ya yi.

Baba Tanko ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a kan ɗansa na baya, ya yi jim, sa'an nan ya wuce can ƙasa ya tura mai gudun nan gaba, saura taki biyu ya zama sarki.

"Haruna, rana ta yi," in ji shi.

"Ta yi," in ji Malam Haruna, ya tura ɗansa na gaba ya ajiye shi a bakin ɗan Baba Tanko, ba tare da kowa a bayansa ba.

Wani saurayi ya ce, "Wayyo, Malam bai gani ba." Ci dole ne, don haka Baba Tanko ya tsallake ya ci, ɗansa ya faɗo tsakiyar allo. Malam Haruna ya ɗauki ɗansa na biyu, ya tsallake ɗaya, ya tsallake na biyu a kan hanya guda, ya karkata ya tsallake na uku, ya sauka a layin ƙarshe. Ya tattara 'ya'yan ukun a tafin hannunsa yana lalubensu ɗaya bayan ɗaya. A kan allo saura ɗa guda na Baba Tanko, yana tsaye dab da gidan sarauta, wanda kuwa ya rage da ɗa guda an cinye shi.

Wurin ya yi tsit. Baba Tanko ya dubi allon, ya dubi abokinsa, ya juye 'ya'yan duka a cikin jakar leda, ya ɗaure bakinta, ya ɗora a kan allon, ya tura su gaba ɗaya kan cinyar Malam Haruna.

"A Tamale ma akwai inuwa," in ji shi. Ladan ya ɗaga murya, suka tashi suka nufi buta.

Hajiya Rabi, Nima:

Wa alaikumus salam. Ɗana Abdul-Mumin, ban san dame ba ko kaɗan, amma na san tsofaffin maza irin waɗannan, waɗanda za su shekara hamsin tare ba tare da ɗaya ya ce wa ɗaya na gode ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannun Baba Tanko da ya tsaya a kan ɗan baya kafin ya wuce. Ni a karatuna ya ga tarkon, ya kuma shiga da gangan, domin ya biya bashin mabuɗin nan. Idan haka ne, to ɗan da Malam Haruna ya bayar ba shi ne babbar sadaukarwar labarin ba, ta Baba Tanko ce.

Zainabu, Tafo:

Ni kuwa na rikice ne tun daga farko. A darar da na ga kakanmu yana yi a ƙasa da tsinke da duwatsu, ba a tsallake ɗa, jera uku ake yi a layi sai a cire ɗan abokin wasa, kuma babu wani sarki a ciki. Da na karanta cewa Malam Haruna ya jera 'ya'yansa a kan hanya guda, na zaci a nan ne ya ci, sai kuma na ga ana tsallake-tsallake. Ko dokar ce ta canza?

Malam Shu'aibu, Asawase:

Malama Zainabu, wasanni biyu ne dabam. Abin da kika gani wurin kakanku dara ce ta gargajiya, wadda ake haƙa mata gurabe a ƙasa. Wannan kuwa dame ne, allo mai gida goma a tsaye goma a kwance, ana wasa a kan gidaje 50 daga cikin 100, kowa yana farawa da 'ya'ya 20, ana ci ta hanyar tsallake ɗan abokin wasa zuwa gidan da ke bayansa idan babu kowa a ciki.

Abdul-Mumin, na fito da allona na jera abin da ka bayyana, kuma ina tabbatar maka wasan ya tsaya da ƙafarsa. Zan yi amfani da lambobin da ake rubuta wasa da su, daga 1 zuwa 50, ana farawa daga layin bayan Baba Tanko. Allonmu na nan a juye yake idan aka gwada shi da na gasar duniya, amma wannan bai canza lissafin ba, kamar kallon abu ne a madubi. Malam Haruna yana da 28, 32 da 42. Baba Tanko yana da 9, 17, 19 da 35. Ga yadda aka tafi, takin Malam Haruna a hagu, na Baba Tanko a dama, alamar x kuma tana nufin ci:

```
42-37        35-40
28-22        17x28
32x23x14x3
```

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne takin farko, wato 42-37, domin a wurina shi ne zuciyar wasan, ba bayar da ɗan ba. Da Malam Haruna ya ba da ɗansa tun kafin ya cike gida na 37, ɗan Baba Tanko da ya sauka a 28 ba zai tsaya nan ba, zai zarce ya tsallake 32 ya sauka a 37, ya ci biyu a tafiya ɗaya, a bar Malam Haruna da ɗa guda, wasa ya ƙare a kansa. Da ya cike gidan, sai mai cin ya zama dole ya tsaya a 28, daidai gaban bakin 32, da gida na 23 a buɗe a bayansa. Daga 23 akwai ɗa a 19 da gida na 14 a buɗe, daga 14 kuma akwai ɗa a 9 da gida na 3 a buɗe. Matakala ce mai hawa uku, guda biyu suna nan tun da farko, na ukun kuwa shi ne aka sayo da ɗa guda. Masu kallo sukan ga ɗan da aka bayar su yi ihu, amma gwani yana gane tarko ne tun daga lokacin da ya ga mutum ya bar gadin gidansa ya je ya toshe gidan da babu wanda yake barazana gare shi.

Nuhu, Madina:

Malam Shu'aibu, na bi lissafinka, amma ina ganin an tsawaita abin da bai kai ba. Tun da ɗan Malam Haruna na 28 yana da hanya biyu, ai ko ta 23 ya ba da shi sakamakon ɗaya ne, domin mai ci zai sauka a 28 ɗin dai, shi kuma 32 ya tsallake shi. Na biyu kuma, ban yarda wasan ya ƙare ba. Baba Tanko yana 40, takinsa ne, zai je 44, daga nan ya zama sarki. Sarki da ɗa guda ba sa kama sarki. Ni a wayata idan na kai wannan matsayi canjaras ake ba ni.

Malam Shu'aibu, Asawase:

Nuhu, maganarka ta farko ba ta tsaya ba, ta biyun kuwa ka yi rabin gaskiya. Idan aka ba da ɗan ta 23, wanda zai ci shi ne ɗan da ke 19, kuma da zarar ya tashi daga 19 ya tafi da hawa na biyu na matakalar. Malam Haruna zai ci guda ɗaya ya tsaya a 23 babu abin tsallakewa a gabansa, a tashi yana da biyu abokinsa yana da uku, ɗaya kuma yana hanyar sarauta. Dole ne mai cin ya fito daga wani wuri dabam, a bar 19 da 9 a inda suke, shi ya sa 22 ne kaɗai gidan da ya dace.

Game da canjaras, gaskiyarka idan da dokar gasar duniya ake wasa, ita ce kuma yawancin manhajojin waya suke bi. A can sai an cinye 'ya'yan mutum duka ko an toshe shi ya rasa inda zai taka, kuma a wannan matsayi sarkin da ke 3 ba zai iya tare mai gudun ba idan ya bi ta 44, domin yana da ƙofa biyu a gabansa, 49 da 50. Amma a damen Gana wanda ya rage da ɗa guda, ko da sarki ne, an cinye shi. Wannan doka tana canza yadda ake lissafin ƙarshen wasa gaba ɗaya. Ka duba, Malam Haruna da ya ba da ɗa daga cikin uku ya rage da biyu, wato ya tsaya a bakin rami, domin kuskure ɗaya a lissafinsa zai mai da shi mai ɗa guda. Shi ya sa nake ganin labarin na Kumasi ne da gaske, ba za a iya ɗauke shi a kai shi gasar da irin su Baba Sy na Senegal suka yi suna a cikinta ya ba da ma'ana ɗaya ba.

Alhaji Bawa, Sabon Zongo:

Ni abin da ya dame ni dabam ne, kuma ya taɓa faruwa da ni. An ce ci dole ne. A inda na koyi wasa a Accra ina yaro, idan ka ga ci ka ƙi, ko ka manta, abokin wasanka ɗauke ɗan yake yi daga allo a ci gaba. Akwai ranar da na kafa wa wani dattijo irin wannan tarko, na ba shi ɗa ina jiran in kwashi uku, sai ya dube ni ya tura wani ɗa can gefe, ya ce in ɗauki wanda ya ƙi cin. Na ɗauka, amma guda ɗaya na samu a maimakon uku, ɗansa kuma ya je ya zama sarki ya dawo ya wargaza ni. Har yau idan na tuna raina yakan sosu. To a labarin nan, da Baba Tanko ya ƙi cin 22 ya tura 40 zuwa 44, ai 17 kawai zai rasa.

Malam Shu'aibu, Asawase:

Alhaji, wannan magana ce mai nauyi, kuma idan aka bi ƙa'idar da ka koya lissafinka daidai ne. Abin da na tashi na tarar a Asawase shi ne, sarkin da ya tsallake damar ci shi ake ɗaukewa, amma ƙaramin ɗa nuna maka ake yi a ce ka mai da takinka ka ci. Abin da muke da shi wanda gasar duniya ba ta da shi shi ne zaɓi: idan hanyar ci biyu ce a gabanka, kana iya bin wadda ka ga dama, ba lalle sai mai yawa ba. Saboda haka mai kafa tarko a nan dole ya tabbata ƙofa ɗaya ce kawai ya bari, kuma a wannan wasa 17 ne kaɗai yake iya cin 22. Duk da haka na sha ganin an yi gardama a kan ɗauke ɗa tsakanin unguwa da unguwa, har a kai ga tashi daga wasa, don haka shawarata ga marubuci ita ce ya sa a ji dokar daga bakin wani a farkon labarin, kada ta fito sai a lokacin da ake bukatarta.

Abdul-Mumin, Aboabo:

Na gode, Baba Alhaji, na gode Malam. Zan gyara wannan, wataƙila in sa a wani wasa na farko Malam Haruna ya tsallake ci saboda idonsa, Baba Tanko ya mai da masa ɗan ya ce a inuwar nan ba a ƙin ci. Amma Malam Shu'aibu, ba ka taɓa maganar Hajiya ba, ita ce kuwa ta fi damuna. Ɗan bayan da hannun Baba Tanko ya tsaya a kansa, shin akwai wani taki a nan da zai cece shi, ko kuwa na rubuta abin da ba shi da tushe a kan allo?

Malam Shu'aibu, Asawase:

Akwai, kuma taki ɗaya ne mai sauƙi: 9-14. Da ya yi shi, gidan da Malam Haruna yake bukatar sauka bayan ya tsallake 19 ya cike. Idan duk da haka ya ba da ɗansa a 22, za a ci, shi ma ya ci ɗaya ya tsaya a 23, sai ɗan da ke 19 ya tsallake shi ya sauka a 28, a bar shi da 37 kaɗai. Wato tarkon zai koma kan mai shi. Mai gudun da ke 35 kuwa babu abin da yake korarsa, zai iya jiran taki ɗaya babu asara. Wannan ne ya sa nake jin nauyin yarda da cewa mutumin da ya shekara fiye da hamsin a kan allo bai gani ba. Sai dai kuma na ga gwanaye da idona sun faɗa irin wannan rami, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, wato ganin sarauta a kusa. Idan ɗanka ya rage taki biyu ko uku ya isa, idonka yakan bar tsakiyar allo ya koma kansa, balle ma kana wasa da wanda ka yi watanni kana cinyewa.

Hajiya Rabi, Nima:

To ai ka ga ni, Malam. Ka ce da kanka takin mai sauƙi ne, hannunsa kuma ya je kansa ya dawo.

Alhaji Bawa, Sabon Zongo:

Hajiya, ki yi haƙuri, amma ban goyi bayan wannan karatu ba, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda ya tsufa a gindin allo. Babu cin fuskar da ya kai a bar maka wasa da gangan. Mutumin da idonsa ya raunana ya fi kowa saurin gane tausayi, kuma da Malam Haruna ya ji ƙamshin an bar masa, da allon nan da aka ba shi ya zame masa kaya mai nauyi har Tamale. Abokin kirki yakan yi maka wasa da duk ƙarfinsa, wannan ne girmamawar. Ni na fi son a ce tsohon ya lalubi allo da yatsa, ya lissafa taki uku a cikin kansa ba tare da ido ba, ya ci da guminsa. Idan aka ce kyauta aka ba shi, an ƙwace masa abin da ya rage masa.

Hajiya Rabi, Nima:

Alhaji, na ji, kuma ban raina maganarka ba. Amma ko an bar masa ƙofa, ai shi ya gina tarkon, babu wanda ya nuna masa gida na 37. Abin da Baba Tanko ya yi, idan ya yi, shi ne ya ƙi rushe ginin da ya ga abokinsa ya yi da ƙyar. A wurina wannan ba ɗaya ba ne da miƙa wa mutum wasa a faranti. Mu mata mun san irin wannan a cikin gida, inda za ka ga abu ka kau da kai don kada ka karya wa wani gwiwa, shi kuma har abada ba zai sani ba.

Nuhu, Madina:

Ni dai na koma na jera matsayin a kan allon maƙwabcinmu, na kuma yarda cewa ta 23 ba ya aiki. Amma Yaya Abdul-Mumin, ina da ƙorafi ɗaya a kan rubutun. Jimlar nan ta hannun da ya yi jim ta yi nuni da yawa, ta tura mai karatu ɓangaren Hajiya tun kafin ya yi tunani. Da ni ne sai in cire ta, in bar takin kawai, wanda ya san dame zai ga 9-14 da kansa ya yi ta tambaya.

Zainabu, Tafo:

Idan aka cire ta, mu da ba mu san dame ba me za mu gani? Ni ba don wannan hannun ba da ban san akwai wata tambaya a labarin ba.

Abdul-Mumin, Aboabo:

Lokacin da na fara rubutawa, a raina Baba Tanko bai gani ba, hannun kuma na sa shi ne kawai domin na sha ganin tsofaffi suna yin haka kafin su taka. Sai da na kai wurin da ya ɗaure jakar 'ya'yan na ji kamar mutumin ya san abin da ni ban shirya ba, na kuma bar jimlar yadda take. Yanzu maganar Baba Alhaji ta sa ina tunanin ko in ƙara wani abu kaɗan a ɓangaren Malam Haruna, wataƙila ya ɗaga kai ya dubi hannun a daidai lokacin, ko kuma idonsa ya hana shi ganinsa sam. Ban yanke ba tukuna. Malam Shu'aibu, idan kana nan ranar Juma'a bayan la'asar zan zo Asawase da allona, ina so mu jera wasan tun daga taki biyar ko shida kafin 42-37, domin in ga ta yaya Malam Haruna ya kai ga rasa ɗan da ya sa ya koma uku.

Malam Shu'aibu, Asawase:

Ina nan, in sha Allahu. Ka zo da takarda da alƙalami, kuma ka fara tunanin inda ɗan da ke 35 ya fito, domin sai an nuna yadda ya tsallake gefen Malam Haruna ba tare da an tare shi ba, in ba haka ba mai karatun da ya san wasa zai tsaya a nan.